Kalma ta Huɗu

Tsakanin bayan tirela da bangon rumfarmu a kasuwar Mile 12 ta Legas bai fi taku shida ba, kuma a wannan ratar wani dattijo ɗan dako ya durƙusa yana tsince tumatir ɗin da ya zube masa, ya ba motar baya. Ni kaɗai na gan shi, don ni ne mai ba direba hannu idan zai yi ribas. Har yau ina iya lissafa abin da ya fito daga bakina a lokacin, ɗaya bayan ɗaya.

A Agege aka haife ni, a tashar motocin haya na danfo na koyi magana, inda ake zagi da Hausa da Yarbanci da Pidgin a numfashi guda. Zagi hawa-hawa ne, kuma kowane hawa na san shi. Akwai na ƙasa, irin su sakarai, wawa, banza, wanda a jikinka kaɗai yake tsayawa, ko uwa tana faɗa wa ɗanta. Shege da ɗan iska suna tsakiya, murya ce ke yanke musu hukunci: da dariya yabo ne, da ɗaure fuska faɗa ne. Sama da su sai wanda ya tsallake ka ya taɓa iyaye, uwarka, ubanka, a haɗa da daƙuwa. Can ƙoli kuma ashar ce tsagwaronta, wadda ke ambaton tsiraicin iyaye, wadda a garuruwan Arewa ake fid da jini a kanta. A Legas kuwa har waɗanda ba sa jin Hausa sun ari "waka" suna watsa wa juna yatsu biyar a cunkoson hanya, ba su ma san uwa suke zagi ba.

Mutum na zagi in ya buge yatsa, don ya rage zafi. Yana yi in an fi ƙarfinsa, ko don a san shi da wane sun shaƙu. Ni nawa na tsoro ne. Ina da ƙaramin jiki, ina aiki cikin ƙarti, sai na mayar da bakina ƙato. Kawuna, mai rumfar, ya sha ce mini, "Kai, bakin nan naka ya zama rediyo, ba mai sauraro." Ina jin haushinsa, in ce a raina tsufa ne.

Direban nan, mutumin Funtuwa, shekara biyu muna wasa. Da ya shigo kasuwa zan tare shi da ashar, ya miƙo hannu ta taga ya yi mini daƙuwa, mu yi dariya. A tsakaninmu sannu da zuwa ke nan.

Ranar ina ce masa zo, zo, zo, sai idona ya faɗa kan dattijon. Na yi nisa da jikin motar, ba halin in buga ta da hannu kamar yadda ake yi. Baki kawai ya rage mini, shi kuma ya bi hanyar da ya saba.

"Kai shege! Uwarka! Ubanka! Tsaya!"

Na ga hannun direban ya fito ta taga, yatsu biyar a buɗe, yana dariya. Motar na ci gaba da tafiya. Kafin "tsaya" ta isa kunnensa a matsayin umarni, sai da na maimaita ta sau uku, ita kaɗai. Da ya taka birki, tayar baya ta riga ta hau ƙafar mutumin.

Direban ya diro daga motar. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Wallahi na ɗauka wasanmu ne."

Na so in yi masa ashar, na laluba, na rasa wadda ban riga na ɓatar a kan raha ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ƙafar ba ta koma ta dako ba. Bayan wata biyu aka nema wa dattijon wuri a gaban wata motar da ta sauke albasa za ta koma Arewa. Na je na riƙe masa sanda yana hawa. Da ya zauna sai ya kamo hannuna ya riƙe.

"Ɗana, an ce kai ka yi ihu aka tsayar da motar. Ba don kai ba da har ƙirjina. Allah ya yi wa iyayenka albarka."

Na ce, "Amin, Baba." Ban iya gaya masa abin da na fara faɗa ba, har motar ta tashi.