Abin da Malama Kaneng ta Gani a Layi na Arba'in da Biyu

Sunayen mata masu juna biyu dubu biyu da ɗari uku ne a hannuna a wancan makon, waɗanda aka kwafo daga rajistar ƙananan asibitocin Gwarzo da Kabo. Aikina shi ne in rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, wanda zai zuba su cikin sabuwar manhajarmu, mai tura wa mace saƙo idan ranar awonta ta matso. Daga ranar Litinin za a ajiye rajistar takarda, don haka duk wadda sunanta ya faɗi a hanya, babu mai tuna mata, babu kuma mai lura cewa ba ta zo ba. Sai dai ba labarina zan bayar ba. Labarin Malama Kaneng ne, wadda ta duba mini aikin.

A Kabo aka haife ta. Mahaifinta, Malam Zechariah, daga Filato ya zo koyarwa, ya ce shekara biyu zai yi, ya yi talatin. Mahaifiyarta tana da ɗan shagon kayan miya da sabulu, kuma nan ne wayar hannu ta fara sauka a unguwarsu. Kaneng ta taso tana jin Hausa har da ta tsofaffi, ta koyar da lissafi a makarantar 'yan mata a Gwarzo shekara goma sha biyu. Haɗa sakamakon jarrabawa da hannu ne ya ishe ta, ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta koya wa kanta rubuta kod tana da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku. Ɗalibanta suna cewa ba ta taɓa soke amsa ta wuce ba. Sai ta bi layi-layi ta gano daidai inda ƙafar yarinya ta zame, ta rubuta mata a gefe.

Mu biyar ne a ɗan kamfaninmu, ɗaki ɗaya muke haya a Gwarzo, da sola a sama. Ƙa'idarmu ita ce babu kod ɗin da zai shiga babbar manhaja sai wani ya duba ya amince, kuma duk sharhin da aka rubuta a kan layi kowa yana gani, har shugabanmu Abdulrahman. Ni kuwa a lokacin ji nake da kaina, ni ne mai digiri. Da Malama ta fara aiki, na taɓa rubuta mata a ƙarƙashin kod ɗinta cewa wannan aikin ɗan koyo ne, a sake. Ban faɗi abin da ya lalace ba. Ta gode mini, ta gyara, ba ta taɓa tayar da maganar ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

A jerin sunayen akwai maimaici, domin wata an rubuta ta sau biyu ko uku. Sai na yi dabara: kod ɗina zai ɗauki kowace mace ya gwada ta da duk sauran, idan lambar waya ta zo ɗaya ya ɗauka mutum ɗaya ce, ya riƙe ta ƙarshe ya zubar da na baya. Layi kusan sittin, na gwada da sunaye ashirin da na ƙirƙira, komai ya tafi sumul. Na tura a duba ranar Alhamis da hantsi, na fita shan fura ina jiran yabo.

Da na dawo na tarar da sharhi a layi na arba'in da biyu. Da na ga sunanta na sa ran baƙar magana, don na san abin da zan rubuta da ni ne a kujerarta. Ga abin da ta rubuta:

"Malam Lukuman, sannu da ƙoƙari. Yadda ka daidaita lambobin waya, masu farawa da sifili da masu lambar ƙasa, ya yi kyau, zan ma ara. Abu ɗaya nake tsoro a nan: mun ɗauka lamba ɗaya mace ɗaya ce. A ƙauyukanmu mata da yawa lambar miji ko ta maƙwabci ko ta mai shago suke bayarwa, to idan biyu suka haɗa lamba, ta farko za ta ɓace ba tare da kod ɗin ya yi ƙorafi ba. Me zai hana mu gane mace da lambar asibitinta haɗe da lambar katinta? Kowane asibiti ba ya maimaita lambar kati. Sai mu sa rumbun bayanai ya ƙi karɓar wannan haɗin sau biyu, waya ta zama bayani kawai, ba sai an gwada kowa da kowa ba ma. Na sa misali a ƙasa, da ɗan gwaji na mata biyu masu waya ɗaya. Idan akwai abin da ban hango ba, nuna mini."

Na karanta sau uku ina neman inda ta ɓoye allura, ban samu ba. "Mun ɗauka," in ji ta, alhali ni kaɗai na ɗauka. Misalin nata layi tara ne, kuma ko ɗan aji ɗaya ya karanta zai gane abin da yake yi. Ni ɗan Sabon Birni ne, gyatumata har yau wayar ƙanina take amfani da ita, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na rubuta kod kamar na mutanen wata duniya. Kunya ta kama ni, mamaki kuma ya fi kunyar yawa.

Na ɗaga kai. Tana can kusa da taga tana cin gyaɗa tana nata aikin, ko kallona ba ta yi. Na tashi na je na tsaya, na tambaye ta yadda aka yi ta hango. Ta ce ba wata basira ba ce, ta yi shekaru tana zaga gidaje tana kiran mutane su zo shagon mamarta an bugo musu waya. Sai na kasa haƙuri, na tuna mata abin da na taɓa rubuta mata, na ce me ya sa ba ta rama ba.

"Da na rama, yau da gobe za ka yi kana kare kanka," ta ce. "Mu kuma Litinin muke da ita, ƙanena. Je ka gyara, ka sa saƙon ya riƙa ambatar sunan mai awon, tunda wayar ba tata ba ce."

Na gyara kafin la'asar. Gwajinta ya faɗi a kan tsohon kod, ya wuce a kan sabo, ta amince, Abdulrahman ya haɗe aikin da babbar manhaja. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya sai na ga girman ramin da na haƙa. Na gudanar da tsohon kod da sabon a kan kwafin jerin gaskiya, na sa kwamfuta ta fitar mini da bambancin.

Mata ɗari biyu da sittin da huɗu ne tsohon kod ɗina ya zubar. A ƙauyen Gammo akwai lamba ɗaya ta wani mai shago, Bappa, mata goma sha ɗaya suka bayar da ita, kod ɗina ya riƙe ɗaya ya watsar da goma. Na bi goman ina karantawa a hankali, da sunan ƙauye da watannin ciki. Ta bakwai Ikilima ce, wata takwas, an rubuta a gefen sunanta cewa jininta yana hawa, kada ta tsallake awo. Ranar awonta Laraba mai zuwa.