Rabin Awar Leburori

A bakin Inna na fara jin sunan Malam Manu, akawun wani kamfanin casar shinkafa a Gummi, inda Babanmu ke leburanci.

Aikinsa tara awannin kowane lebura, a biya shi ƙarshen mako. Wata rana ya yi lissafi da ka: awa takwas da rabi sau biyu, sha bakwai ke nan, amma kalkuleta ta ba shi 16.60. Tun da aka kawo na'urar yake buga takwas da rabi a matsayin 8.30, ita kuwa sai ta cika ɗari take ƙirga awa, ba sittin ba. A kowane rabin awa minti goma sha biyu na salwanta, makonni ana haka.

Da ya kai maganar ofis, manaja ya ce, "Malam, gyara na gaba, ka ja bakinka."

Malam Manu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kullum yana ƙofar ofis, har aka gaji aka biya leburori cikon kuɗinsu, shi kuma aka sallame shi.

Lebura guda, Sufyanu, ya riga ya bar gari, kuɗinsa na hannun Malam har yau. Da Malam ya ji za ni biki Nasarawa Burkullu, garin su Sufyanun, sai ya tare ni a hanya. "Ɗiyata, don Allah ki tambayo mini wani Sufyanu dogo. Haƙƙinsa ya hana ni sakat."