Kofin Lemun Inna

Ina da cikin ɗana na biyu sa'ad da sojoji ke kan mulki, iyaka a rufe, lemu ya yi wuya a Filinge. Maigidana direba ne a hanyar Yamai. Duk ranar kasuwar Baleyara sai ya nemo lemun zaƙi ya danƙa wa mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, domin gida ɗaya muke.

Inna ba ta taɓa sa ko ɗaya a bakinta ba. Da hantsi za ta zauna a gindin itacen bedi ta yi ta matsawa har babban kofin silba ya cika, ta tace da farin ƙyalle yadda ake tace gasara. Abin da ya rage a ƙyallen, dusa take kiransa, ta zuba wa jar akuyarta. A wurinta abin da aka tace sosai shi ake ba mutumin da ake so. Ni kuwa in durƙusa in karɓa da hannu biyu in shanye. Kafin azahar jikina ya mutu, ƙishirwa ta dame ni.

Wata ranar awo na tafi asibiti da kofin a cikina. Ungozomar ta soki yatsana, ta dubi ɗan injinta, ta tambayi abin da na ci. Da aka sake gwaji ta ce ina da sukarin masu ciki. Ta ce cikin ne ya kawo shi, lemu bai jawo shi ba, amma kofin nan na kullum yana iza shi sama. In ya ci gaba da hawa, jaririn zai yi girman da haihuwa za ta yi wuya, sai an kai ni Yamai, wataƙila a yi aiki. Na ce ai Inna ba ta sa sukari ko ƙwaya ɗaya.

Ta ce, "Ai lemun da nasa sukarin ya zo. A cikin ɗan itacen zaƙin yana ɗaure cikin zare-zaren nan, sai ciki ya yi aiki kafin ya fito, ya shiga jini a hankali. In an matse an tace, an kwance shi ke nan, ya faɗa jini gaba ɗaya. Kuma lemu nawa ke cika kofin? Za ki iya cinye su a zama ɗaya?"

Ta ce in ci ɗaya bayan abinci, in tauna in haɗiye duka, kada in tsotse in yar yadda muka saba. Ta yi mini maganar fura da shayi ma, wannan bai dame ni ba, hannuna ke dama su. Kofin Inna ne ya tsaya mini a rai. A gidanmu suruka ba ta mayar da abin da uwar miji ta miƙo, balle abin da tsohuwa ta hana kanta. Maigidana ya ce shi ma bakinsa ba zai iya ba.

Washegari na sake shanyewa. Na shiga ɗaki na dafa cikina, yaron yana motsi, ina ta tunanin hanyar Yamai da tsawonta.

Abin da ya fisshe ni, a ƙasarmu ta Kurfai ba a hana mai ciki kwaɗayinta. Da Inna ta ɗauko wuƙa na sunkuyar da kai na ce, "Inna, yau raina dusar yake so. Ki ba ni shi ɗungum in tauna."

Ta dube ni. Ta ce, "Ɗiyar nan, yanzu da akuyata za ki yi rabon abinci?"

Ta ɓare ɗaya ta miƙo, ta mayar da sauran cikin kwando. Na tauna har farin zaren, na ga guda ɗaya ma ya ishe ni. Lemun da a da yake ƙarewa tun kasuwa ba ta zagayo ba, sai ga shi yana jiran wani.

A awo na gaba Inna ta ce za ta raka ni. Muka tafi tare. Ta zauna a kan benci, ita da kanta ta tambayi ungozoma ko kofin lemun nan ne ke cutar da ni. Ungozomar ta ce yana ciki, ta kuma ce sukarin ya fara sauka, a ci gaba da kiyaye abinci da zuwa awo. Sai da muka iso ƙofar gida Inna ta yi mini magana. Ta ce da na faɗa mata tun ranar farko, jikan nata ne ita ma.

A Filinge na haihu, da kaina, yaron bai wuce kima ba. Bayan arba'in aka sake gwada ni, sukarin ya koma daidai, amma an ce in riƙa zuwa gwaji, yana iya dawowa da shekaru. Har yau in na ga ana matsa lemu sai in ji wani iri.

Inna ta rasu yaron yana koyon tafiya. Kofin yana wurina, da shi nake ɗiban ruwa a randa.