Bokitin da Ya Hana Ni Cin Tuwo

Masu cewa na mutu, ku yi haƙuri, layi bai zo kaina ba tukuna. Ni ne dai Baban Rahi mai facin taya na unguwar Gumbihini. Na fi shekara ban leƙo nan ba. Yau zan faɗi dalili, amma mai cin abinci ya ajiye cokali.

Da ciwon baya abin ya fara. Na ce ɗaukar taya ce, na shafa man zafi. Sai zazzaɓin yamma, sai rama. Wata safiya na ce wa ƙafafuna mu tashi, suka ce ba da su ba.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka cusa ni cikin wani inji mai kama da kabari. Katin inshora bai biya wannan ba, babur ɗina ne ya biya.

Likita ya ce, "Baba, tibi ne, wato tarin fuka, a ƙashin bayanka."

Na ce, "Ni da ko tari ba na yi?"

Ya ce ba sai da tari ba. Magani kyauta ne, kullum kafin karyawa, wajen shekara, sai kuma kwanciya. Fitsarina ya koma ja, aka ce aikin maganin ne.

Ciwo na iya daure masa. Bokiti ne ya gagare ni.

Gidan haya muke, bayi ɗaya ne, can ƙarshen tsakar gida. Duk abin da cikina ya fitar, Maman Rahi ce ke ɗauka, ta ratsa matan gida suna wanke-wanke. Ɗakin ya ɗauki wari, turaren wuta ya yi iyakarsa ya sallama. Ƙato da gemu, ana juya ni kamar ƙosai don kada bayana ya yi gyambo, ana share ni kamar jinjiri. Ƙyamar kaina nake ji.

Ga shi Maman Rahi koko take sayarwa a ƙofar gida, da shi muke ci.

Ran nan na jiyo wata maƙwabciya ta taga tana ce wa ɗanta, "Kai, wuce gaba. Hannun da ke ɗaukar kashi ba zai dama min koko ba." Wannan Hajiyar jiya-jiya ta shigo duba ni, mayafi a hanci, tana "sannu, sannu" kamar ana binta da bulala.

Sai na yi dabara irin ta wanda ya bar makaranta a aji huɗu: in ba a zuba ba, ba a kwashewa. Na rage tuwo zuwa loma biyu. Ruwa sai na haɗiyar magani. In an tambaya in ce bakina ba daɗi.

Ciki ya ɗaure kamar siminti. Fitsari ya koma zafi da ɗoyi, zazzaɓi ya kwashe ni, aka sake loda ni a yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, sai asibiti. Ƙarin ruwa, allurai, robar fitsari. Sannan wata nas ta sa safar hannu ta ciro abin da na tara da yatsa, labule a rufe amma duk 'yan ɗakin suna ji. Mai gudun bokiti, ga inda ya ƙare.

Nas ɗin ta ce, "Baba, ba kai ne farkon mai wannan wayon ba. Jiki ba abinci, da me maganin zai yi aiki?"

Maman Rahi na tsaye, ta ji komai. Da muka keɓe na gaya mata zancen Hajiya.

Ta ce, "Na ji ta tun kafin ka ji. Ciniki ya ragu, ba ƙarya. Amma tunda ka dawo da mu nan ko wuta ban hura ba. To wanne ne hutun da ka ba ni, Maigida?"



Da muka koma gida na tara iyalina na faɗi sharuɗɗana, a kwance, kamar sarkin da aka tuɓe. A huda kujerar roba, a sa bokiti mai murfi a ƙasa da toka a ciki. A ɗora ni, a miƙo buta, kowa ya fita, tsarkina ni zan yi da hannuna. Rahi 'yata ta kawo abinci ta yi wanki, amma ba ta ganin tsiraicin ubanta. Sai abin da ya fi min wuya: na kira ƙanena Isa na roƙe shi da bakina ya riƙa zuwa yana fitar da bokitin.

Ya ce, "Yaya, da ma jira nake ka daina girman kai. Amma ka rage wake, don Allah."

Daga nan na ci, na sha, na yi gashin ƙashi. Daga kujera zuwa sanda. Yanzu na gama magani, ina kai kaina bayi, ina ɗingishi ina taƙama.

Alhamdu lillahi. Maman Rahi, Isa, Rahi, da nas ɗin da har yau ba na iya haɗa ido da ita, Allah Ya biya ku.

Ciwon bayan da ya zo da rama da zazzaɓi, a kai shi asibiti. Mai jinya, in majinyacinka ya rage ci da sha ba dalili, ka tambaye shi a keɓe ko bayi yake gudu. Abin da zai iya da hannunsa, a bar masa. Kai kuma na kwance, ka buɗe baki ka roƙa. Na gwada kunya, ta fi bokiti wari.