Balarabe da takardar ƙosai

Idan ka sauka a tashar Tudun Wada ka ce kana neman Balarabe, za a tambaye ka wanne, don Balarabe a garin nan sun fi ƙudan rumfar mahauta yawa. Ka ce Balarabe Alƙaluma. Nan take za a nuna maka wani dogo siriri a bakin rumfar shayi, biro biyu a aljihu, ɗaya ba ya rubutu, na ado ne.

Karatunsa a aji biyu na sakandare ya tsaya. Shi ya ce lalurar gida ce, abokansa suka ce lissafi ne ya koro shi, Allah ne masani. Amma aji biyun nan ya ishe shi cin duniya a tasha. Shi ke karanta wa direbobi wasiƙa, shi ke fassara jaridar Turanci, kuma in ya zo kan kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya yi tari ya tsallake ta kamar kwata. Jaridun ma ba saye yake ba. Wajen Inna Tasalla mai ƙosai yake samu, wadda ɗanta ke auno mata tsofaffin takardun ofis daga Kano don ƙunshi. Kafin ta yaga, Balarabe ya tsince masu lambobi.

"Kai dai ka sayi ƙosan," in ji ta, "takardar kyauta ce."

A shekarar 1983, yayan matarsa Saude, wato Zailani, ya zo masa da shawara. Zailani mutum ne mai sanyi, manomi a Ɗansoshiya, mai 'ya'ya huɗu da gonar da ba ta kai su damina. Hannunsa na jin ƙarfe, keken kowa a ƙauyen shi ke gyarawa. Ƙofa biyu suka buɗe masa lokaci guda. Malamin gona ya sa sunansa cikin waɗanda za a koya wa gyaran ƙananan injinan ban-ruwa, wata shida, ba albashi sai abinci. Can kuma a Riruwai wani kamfanin kuza na neman mai shafa wa injina giris, albashi duk wata. Gurbin koyon ba ya jiran kowa, ranar Litinin za a rufe.

"Malam Balarabe," in ji Zailani, a gaban jama'ar rumfar shayi, "kai ka san abin da duniya ke ciki. Ba na yau nake tambaya ba. Wacce ce za ta kai ni har yaran nan su girma?"

Malam! Yayan matarsa guda ya ce masa Malam a gaban direbobi. Kan Balarabe ya kumbura har hula ta matse shi. Ya zaro takardu biyu daga aljihu. Ɗaya guntun jarida ce mai labarin babban ramin kuza da za a haƙa a Riruwai. Ɗayar shafi ne daga littafin ƙididdigar ma'aikata na gwamnati, sana'o'i a jere, kowace da adadin mutanen da ke cikinta. Ya ɗora yatsa a kan layin haƙar ma'adinai.

"Yaya, ƙirga da kanka. Lamba mai ƙafa biyar! Yanzu nemo min masu gyaran injin ban-ruwa a shafin nan. Babu ko layinsu. Sana'ar da gwamnati ba ta ma san da ita ba, ita za ka kai wa wata shida?"

Rumfa ta ɗauki shewa. Wani direba ya ce, "Alƙaluma ba sa ƙarya!" Daga ranar sunan ya bi shi.

Abin da bai faɗa ba shi ne, shafin yagagge ne. Inna Tasalla ta riga ta ƙunshe wa wani ƙosai da samansa da kuma gefensa na dama. Saman shi ke ɗauke da shekaru, gefen kuma sauran lambobin da suka biyo baya. Guntun jaridar ma ba kwanan wata. Balarabe ya ga yagar, har ya sa babban yatsa ya rufe bakinta lokacin da yake nunawa. Wani abu ya ce masa ya faɗa, shewar ta fi shi ƙara.

Zailani ya tafi Riruwai. Gurbinsa aka bai wa Idi, wani ɗan ƙauyensu da shi Zailanin ya koya wa liƙin taya.

Albashi ya zo wata goma sha ɗaya. Daga nan kamfani ya fara rage mutane, kuma wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita. Zailani ya koma haƙa da hannu tare da masu wankin kuza a rafi, yana sayar wa dillalai da kwano. Ƙarshen 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya, dillalan suka ɗauke ƙafa. Balarabe a rediyo ya ji labarin, yana tsaka da shan shayi, ya ajiye kofin ya sulale.

Shekara biyu yana wasan ɓuya. In ya hango motar Doguwa, mai ɗauko mutanen Riruwai, ta shigo tasha sai fitsari ya kama shi. Sallah biyu bai taka Ɗansoshiya ba. Saude ba ta taɓa ce masa komai ba, sai dai duk ranar kasuwa ta auni dawa ta aika wa matar yayanta, a gabansa, tana ɗaure bakin buhun a hankali. Da zagi ta yi masa da ya fi sauƙi.

Wata Juma'a a 1987, ya idar da salla ya juya, sai ga Zailani a sahun bayansa. Ya rame, tafin hannunsa duk ya tsage. Babu hanyar fitsari a masallaci.

"Malam Balarabe, ka ɓuya. Na dawo gida. An ce masaƙa a Kano na ɗaukar mutane, an kuma ce a'a. Ka duba min a takardunka."

Ba gatse ba ne, abin da ya fi ciwo ke nan. Mutumin har yanzu gani yake ƙaddara ce kawai ta faɗa wa kuza.

"Yaya, ba ni kwana uku," in ji Balarabe, idonsa a kan tabarma.

Ranar Litinin ya hau mota zuwa Kano, ya yi ta tambaya har ofishin ƙwadago, inda masu neman aiki ke rajista. Wani dattijon akawu, Malam Mamman, ya sa yatsu biyu ya karɓi yagaggen shafin nan da Balarabe ke ajiye da shi, ya shinshina.

"Wannan ƙosai ne ko ƙididdiga?"

Ya jawo cikakken littafin daga kanta ya buɗe daidai shafin. Lambar Balarabe mai ƙafa biyar tana nan, a ƙarƙashin shekarar da shi Balarabe yake firamare. Daga nan zuwa dama, kowace lamba ta fi ta gabanta ƙanƙanta, kamar matakalar sauka rijiya.

"Samari, lamba ɗaya ba ta nuna inda sana'a ta dosa. Jera shekara biyar ka ga hawa take ko sauka. Kuma littafin da aka buga bana, ƙirgar shekara uku baya ce a ciki, sai ka cike da labarin jarida mai kwanan wata."

Ya nuna masa rajistarsu, gefe guda masu neman aiki, gefe guda guraben da kamfanoni suka kawo. A layin masaƙa masu nema shafi-shafi, guraben ba su cika tafin hannu ba, kuma da yawan masu neman daga masaƙun aka sallamo su.

"To, Baba, masu gyaran injin ban-ruwa fa? Ba su da layi."

"Ƙirgar nan a wuraren da ke da ma'aikata goma zuwa sama ake yin ta. Bakanike a gindin bishiya wa zai ƙirga shi? Wannan sai ka je da ƙafarka."

Balarabe ya je da ƙafarsa. Ya bi fadamun Bebeji da na Kiru da littafin makaranta, wannan karon da biro mai rubutu. Yana tambayar manoma inji nawa ne a fadamar bara, nawa bana, in ya lalace wa ke gyarawa, kwana nawa ake jira. Amsar kusan ɗaya ce, injina sun ninka, mai gyara kuwa Idi, sai an yi mako ana bin sa tumatir na ƙonewa. Ya sayi jarida sabuwa da kuɗinsa, karo na farko a rayuwarsa, ya karanta labarin hana shigo da alkama daga waje da yadda ake tura manoma nomanta. Kwana ukun suka zama goma sha biyu.

Ya aika wa Zailani ya same shi a rumfar shayi, don a nan aka yi ɓarnar. Direbobi na zaune, Inna Tasalla na suya a gefe. Ya shimfiɗa yagaggen shafin a kan tebur, ya ɗauke yatsansa daga kai.

"Yaya, ka ga nan? A yage yake tun ranar. Na gani, na rufe da yatsa. Lambar da na tura ka Riruwai da ita ta girmi ɗanka na fari."



"Wayyo ni," in ji Inna Tasalla, "ashe rabin arzikin bawan Allah na ƙunshe wa wani ya tafi da shi!"

Ba wanda ya yi dariya sai yaron mota ɗaya, shi ma ya haɗiye. Zailani ya jawo takardar gabansa.

"Ka gani, ka rufe?"

"Na gani, Yaya."

"To. Yanzu kuma me ka rufe?"

Balarabe ya buɗe littafinsa, fadama bayan fadama. Ya ce masaƙa a bar ta. Ya ce alkamar ma kada a dogara da ita, dokar gwamnati ce, wanda ya kafa yana iya cirewa, amma tumatir da albasa ba sa jiran doka, ruwa suke so kowane rani. Ya ce abin da bai sani ba shi ne ko masu koyo za su yi yawa nan gaba. Sannan ya zo kan mai ɗacin, horon gwamnati ya wuce, hanya ɗaya ta rage, zama a ƙarƙashin Idi.

"Idin da na koya wa liƙi?"

"Shi. Na riga na je na roƙe shi. Ya ce shi kunya ce ta hana shi nemanka."

Zailani ya miƙe ya karkaɗe riga. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauki yagaggen shafin ya miƙa wa Inna Tasalla, ya ce ta zuba masa ƙosai a ciki. Ranar Asabar aka gan shi a rumfar Idi, yana wanke kaburetar inji a cikin gwangwanin fetur, yana da shekara talatin da bakwai.

Yau Zailani na da rumfarsa a hanyar Tiga. Shekara huɗun da suka tafi ba su dawo ba, kuma tun ranar rumfar shayi bai sake cewa Malam Balarabe ba, Balarabe kawai yake cewa. Shi kuwa gogan yana nan a tasha. Kawo masa takarda ka ce ya duba maka sana'a, zai juya ta gaba da baya yana neman shekara, in babu ya mayar maka ya nuna maka kaskon Inna Tasalla.