Bakin bandir na Lauratu

Malam Garzali mutumin Kano ne, amma ƙuruciyarsa kaɗai ya yi a can. Sauran rayuwarsa a unguwar Gamboru ta Maiduguri ya yi ta, cikin wani ɗan shagon yadi mai ƙofar langa-langa. Ni tela ne, keken ɗinkina a barandarsa yake, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Ba mai yawan magana ba ne. Bayan rasuwar matarsa Lauratu sai maganar ta ƙara raguwa. Allah bai ba su haihuwa ba, dangi kuma duk suna Kano, waɗanda suka san shi ma yawancinsu sun rasu. Da asuba ya buɗe shago, da magariba ya rufe, ya sayi tuwonsa a bakin hanya ya shiga ɗaki. Shagon nan shi ne wurin da ake kiran sunansa a garin.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Maiduguri, tun kafin azumi ya je Kano ya zuba duk jarinsa a farin yadi, bandir ashirin da biyar, domin ƙaramar Salla. A mota ya ɗauko, yadda ya saba. Babakura, mai babban shagon da ke kallonmu, shi a jirgi ya kawo nasa, ga shi ya sara da yawa an yi masa ragi. Azumi na kamawa ya sa aka yi shela: yadi sule biyu da sisi. Na Malam Garzali kuwa sule uku da taro ne.

Goman farko ta wuce, almakashinsa na rataye. Mutane su shigo, su shafa yadin, su ji kuɗin, su tsallaka titi.

Wata rana da hantsi na ce masa, “Malam, ka sauko kawai ka daidaita da Babakura. Ciniki ya fi zama.”

Ya ce, “Sule biyu da sisi na saye shi a Kano. Kuɗin mota da dako da hayar nan, kowane yadi ya ɗauki taro. Ka ga ya tsaya mini sule biyu da nai, wato sisi da taro. In na bi Babakura, duk yadin da na yanka na yanki taro daga jikina. Yawan cinikin ma shi zai fi saurin kai ni tasha.”

“To ina iyakarka?”

“Sule uku. Taro ya rage mini. Ƙasa da haka ba ciniki nake ba.”

Amma ko a sule uku, mai sayen yadi goma na riga da wando zai rage sule biyar in ya je gun Babakura. Na ce to ya haɗa da ɗinki kyauta. Ya dube ni ya ce, “Kai wa zai biya ka? Ribar yadi goman duka sule biyu da sisi ce.” Mu biyun mun san in yadin nan ya kwana har bayan Salla, sai dai ya karyar da shi ya koma Kano, garin da ba mai jiransa.

Ana haka Ya Kaltum ta shigo. Dillaliya ce, Babarbariya, ita ke kai wa matan kulle kaya gida-gida, kuma ƙawar marigayiya ce. Da Afuno take kiransa, wato Bahaushe da bakinsu.

Ta ce, “Afuno, gadin yadi aka ɗauke ka? Na ga ko ƙuda ba ya shigowa.”

Ya ce, “Ƙudajen suna gun ɗan'uwanki Babakura, Ya Kaltum.”

“Shi ya san halin da masu yara ke ciki. Mutum ya yi wa kansa riga, ya yi wa uwargida, kuɗi ya ƙare, yara na kuka. Kai me za ka ba su?” Ta ɗan tsaya, ta rage murya. “Ina akwatin Lauratu?”

Ba ta jira amsarsa ba. Ta ɗauki ƙunshinta ta fita.

Na san akwatin. Kowane bandir in ya zo ƙarshe yakan bar baki, yadi ɗaya ko ɗaya da rabi, wanda bai isa kayan babba ba. Malam Garzali tun wajen sa farashi yakan raba kuɗin bandir a kan abin da zai yanku, ya ɗauki bakin a matsayin asara. Wato an riga an biya kuɗinsa tun shekarar da aka sayar da bandirin. Lauratu ce ke karɓewa ta ninke, ta turara, ta ajiye, wai na yara ne in sun zo. Shadda, atamfa, har da karan-miski. Haka ta yi ta tarawa har ta bar duniya.

Aka kwana biyu. Ran nan da safe sai ga shi da akwatin a ka. Ya buɗe, ƙanshin turaren wuta ya cika shagon. Ya zauna ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, yana warewa yana mayarwa yadda Lauratu ta ninke. Sittin da 'yan kai.

Ya aika aka kira Ya Kaltum, ya ce, “Ki gaya musu yadi sule uku. Wanda ya sayi yadi goma, ya zaɓi na rigar yaro ɗaya a nan, kyauta. Ba tara ba, goma. Ɗinki nasa ne. Ranar da akwati ya ƙare, magana ta ƙare, kada ki yi alkawarin da ya wuce shi.”

Ta ce, “Ashe Afuno na da kai.” Amma idonta ya kawo ruwa.

Mata ne suka yi masa cinikin. Su suka matsa wa mazajensu, don guntun shaddar nan ya fi sule biyar ɗin da za a rage a tsallaken titi. Wasu maƙwabta biyu sukan haɗa yadi biyar-biyar su cika goma, ya yarda, amma guntu ɗaya. Babakura ya leƙo yana dariya, ya ce, “Malam Garzali, tsumma kake rabawa?” Ya ce, “Tsumma ne, Alhaji.” Ya ci gaba da awo.

Akwai wani kore mai ɗigon fari da ya tura ƙasan akwatin, na shekarar aurensu ne. Jajibirin Salla shi kaɗai ya rage. Wani mai busasshen kifi ya zo ya sayi yadi goma, ya ce 'yarsa tana jira. Malam Garzali ya daɗe riƙe da shi, sannan ya miƙa.

Bandir ɗaya da rabi kawai ya kwana. Jari ya dawo da 'yar ribarsa, shago ya tsaya.

Ranar Salla bayan an sauko daga Idi na biyo in gaishe shi. Na tarar da shi zaune a bakin shagon a rufe, shi kaɗai, da tabarmarsa. Yara na ta wucewa yawon Salla. Na zauna. Can ya nuna rigar wani yaro da haɓa, ya ce, “Wancan ja, shekarar da ruwa ya ci kayanmu a hanyar Potiskum ne.” An jima ya ce, “Wannan na shekarar da muka kama shagon nan.” Yaran ba su san shi ba, ko waiwaye ba su yi.

Na bar shi a nan da la'asar. Ya ce zai ɗan ƙara zama, bai ga mai koren ba tukuna.