Tsagar da Manhaja ta Goge

Lokacin da nake da shagon hoto a Birnin Kudu, wata Inna daga Zandam ta kawo mini hoton fasfo na marigayi mijinta. So take ta gan shi cikin babbar riga. Na ɗora fuskarsa a hoton wani mai riga, sai ta fito dishi-dishi. Na saka ta a manhajar gyaran fuska, wadda ke cike gurbin abin da bai fito ba da abin da ta saba gani a fuskokin wasu. Hoto ya fito tas, har na yaba wa kaina.

Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, wannan kyakkyawan fa?"

"Maigidanki ne, Inna."

"Ina tsagar kumatunsa? Ina kannannen idonsa? Da wannan na aura, ai da ban sha gori ba."

Ashe manhajar ta ɗauki tsagar a matsayin tabon hoto ne, ta goge ta, ta kuma daidaita idon. Na rage mata ƙarfi na sake. Bai fito tas ba, amma shi ne. Inna ta share hawaye, ta ce har ɗaure fuskar tana nan.